Gem ɗin dara da ƙananan wayoyi: littafin aikin rage cin ram da batir

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Na buɗe wannan littafin ne saboda maganar Kawu. Jiya da yamma yana tsakiyar buga dara da waya a gindin dalbejiyar ƙofar gida, saura kaɗan ya cinye, aka kira shi. Ya gama magana ya dawo, sai ya tarar gem ɗin ya koma farko. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai yaro, wannan abin naka idan ya ga za a ci shi guduwa yake?" Mai cajin waya na bakin kasuwa shi ma ya faɗa mini yara suna cewa gem ɗina yana shan caji kamar rairayi da ruwa. A ƙauyenmu na nan ƙasar Ringim, inda kowane caji kuɗi ake biya, wannan ƙorafin ya isa ya sa mutum ya goge gem.

Gem ɗin dara ce irin tamu: gurbi 30, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12. Da Unity 2021.3, manhajar ƙera gem, na gina shi. Duk gwajin da na yi a baya a wayata na yi mai ram giga 6, wadda ba wanda yake riƙe da irinta a cikin masu buga gem ɗin. Yanzu na aro wayoyi uku: ta Kawu mai ram giga 1 da Android 11 samfurin Go, ta ƙanena mai giga 2, da wata tsohuwa da aka manta a shagon mai caji fiye da shekara. Ta Kawu ita ce ma'auni. Abin da bai yi aiki a kanta ba bai yi ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na fara da tabbatar da abin da ya kashe gem ɗin, don ina zargin kuskure ne a rubutuna. Na haɗa wayar da kwamfuta, na buɗe gem, na fita na shiga WhatsApp na minti ɗaya, na dawo. Ya koma farko. Sai na tambayi wayar:

```
adb shell dumpsys activity exit-info com.misali.dara
```

Amsar ta nuna `reason=3 (LOW_MEMORY)`. Ke nan gem ɗin bai faɗi da kansa ba, Android ce ta kashe shi. Wannan umarnin daga Android 11 ya fara, don haka a tsohuwar wayar ba ya aiki.

Yadda abin yake: ram ita ce wurin da waya take shimfiɗa kayan aikin da take kai yanzu, daban take da wurin ajiyar hotuna da bidiyo. A waya mai giga 1, tsarin wayar kansa ya riga ya cinye babban kaso. Idan wuri ya ƙure, akwai wani ɗan aike a Android mai suna `lmkd` da yake korar manhajojin da ba sa gaban allo. Da zarar kira ya shigo, gem ɗina ya koma baya, kuma shi ne ƙato a cikin na bayan. Ba ya barin saƙon kuskure, shi ya sa na yi wata uku ban sani ba.

Na auna girmansa da `adb shell dumpsys meminfo com.misali.dara`. Layin `TOTAL` ya nuna kusan mega 352. Fayil ɗin da mutane suke turawa juna bai kai rabin haka ba, kuma girman fayil ɗin nake kallo duk tsawon lokacin nan ina jin daɗi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kama babban ɓarawon, kuma ni na buɗe masa ƙofa.

Gem ɗin yana da filin dara iri shida da mutum zai zaɓa: rairayi, tabarma, katako, jar ƙasa, siminti da buzu. Kowanne hoto ne mai fiksel 2048 sau 2048. A kwamfuta, hoton rairayin bai kai mega 2 ba, domin a matse yake. Amma injin zanen hoto na waya ba ya karanta irin wannan matsin. Sai an warware hoton, kowane fiksel ya ɗauki bayit 4: ja, kore, shuɗi da na huɗu mai nuna ko ana ganin abin da ke bayansa. Lissafin ke nan, 2048 × 2048 × 4, ya ba da mega 16 cif. Sannan na bar `Generate Mip Maps` a kunne, abin da yake ƙirƙiro ƙananan kwafi na hoton don a yi amfani da su idan abu ya yi nisa, kuma yana ƙara kashi ɗaya bisa uku. Hoto ɗaya ya zama mega 21 da ɗoriya. A dara ba abin da yake yin nisa, filin yana nan inda yake.

Na ɗauka fili ɗaya ne yake hawa ram a lokaci guda, wanda mutum ya zaɓa. Ashe duka shidan ne. Na jera su a wani rubutu guda da ke manne da shafin wasa, kuma Unity tana loda duk abin da shafin ya ambata tun lokacin buɗewa, ko an nuna shi ko ba a nuna ba. Shida sau 21 da ɗoriya, mega 128. Kawu yana buga wa a rairayi, wayarsa tana ɗauke da buzu da tabarma a ka.

Me ya sa hotunan ba su da matsi irin na waya? Na tuna. Tun farkon aikin na ga rairayin ya ɗan yi dabbare-dabbare, sai na mayar da `Compression` zuwa `None` na wuce abina.

Gyara biyu na yi. Na farko girma. Faɗin allon wayar Kawu fiksel 480 ne, na ƙanena 720, kuma filin dara ba zai wuce faɗin allo ba. Saboda haka 1024 ya isa har da rara, na sa `Max Size` a haka. Rage tsawo da faɗi da rabi yana mayar da nauyi kashi ɗaya bisa huɗu. Na biyu matsi. Na zaɓi `ETC2` marar sashen gani-ta-ciki, wanda yake ba kowane fiksel rabin bayit, kuma injin zane yana karanta shi a matsensa ba sai an warware ba. 1024 × 1024 × rabi, rabin mega ke nan. Na kashe ƙananan kwafin. Daga mega 21 zuwa rabin mega, duka shidan mega 3.

Da na yi niyyar sake rubuta wurin don a riƙa loda fili ɗaya kawai. Na fasa. Aikin kwana biyu ne don ceton mega biyu da rabi, kuma ƙofa ce ta sabbin kurakurai.

Dabbare-dabbaren yana nan idan ka kafa ido, musamman inda inuwa take sauka a hankali, domin `ETC2` yana yanka hoto gida-gida, fiksel 4 sau 4, kowane gida da 'yan launukansa. Na ƙara wa rairayin tsakuwa-tsakuwa a zanen, sai ya ɓoye. Na nuna wa ƙanena tsoho da sabo a wayarsa, ya kasa bambancewa. Awon yau: mega 229.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sauti. Akwai kiɗan garaya na minti 4 da wani abokina ya kaɗa mini, yana juyawa a bayan wasa. Fayil ɗinsa ƙarami ne, amma `Load Type` yana kan `Decompress On Load`, wato a warware shi duka a zuba a ram. Daƙiƙa ɗaya ta sauti mai kunne biyu tana cin 44,100 × 2 × 2, bayit 176,400. Sau daƙiƙa 240, kusan mega 40. Na mayar da shi `Streaming`, ana ɗebo shi kaɗan-kaɗan daga ajiya lokacin da ake buƙata. Na kuma kunna `Force To Mono`, tunda duk wayoyin nan lasifika ɗaya gare su. Gajerun sautuka, kamar ƙarar ajiye ɗa a gurbi, na bar su a warware, don su ƙanana ne kuma ana so su fito nan take. Mun sauko 188.

Na sake gwajin fita da dawowa sau goma a wayar Kawu. Sau takwas gem ɗin ya tsira. Sau biyun da ya mutu, kyamara na buɗe. Wannan ba zan iya hana shi ba, ko gem ɗin ya koma mega 100 Android tana da ikon korarsa. Abin da ke hannuna shi ne kada korar ta ci wa mutum wasansa. Duk yanayin dara baƙaƙe 30 ne, kowane gurbi ɗaya, sai kuma wanda yake da bugu:

```csharp
void OnApplicationPause(bool fita) {
    if (!fita) return;
    PlayerPrefs.SetString("fili", fili.ZuwaRubutu());
    PlayerPrefs.Save();
}
```

Dole a yi ajiyar a nan, lokacin da gem yake komawa baya, domin idan `lmkd` ya zo ba ya sallama, ba a kiran `OnApplicationQuit`. Da wannan ya kamata in fara tun ran farko. Shi ne ainihin amsar ƙorafin Kawu, kuma bai ci mini awa ɗaya ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Tsohuwar wayar shagon caji ta ba ni kunya. A kanta `meminfo` yana nuna sashen `Graphics` kusan babu komai, abin da ba zai yiwu ba. Wasu wayoyin ba sa bayar da rahoton ram ɗin da injin zane ya riƙe, don haka lambar ta fi gaskiya ƙanƙanta. Na duba ta `Profiler`, ma'aunin da ke cikin Unity, sai ga kowane fili mega 4 maimakon rabi.

```
adb shell getprop ro.opengles.version
```

Ta ba ni `131072`, wato OpenGL ES 2.0. `ETC2` sai daga 3.0, wanda lambarsa `196608` ce. Idan waya ba ta san matsin ba, Unity tana warware hoton gaba ɗaya ta zuba a ram, ba tare da gem ya tsaya ba. Wayar da ta fi kowa talauci ita take ɗaukar kaya mafi nauyi. Filayen ba su da gani-ta-ciki, sai na mayar da su tsohon `ETC`, wanda duka wayoyin uku suke karantawa, nauyinsa kuma rabin bayit ɗin ne dai. 'Ya'yan dara da maɓallai suna buƙatar gani-ta-ciki, na bar su a `ETC2` a hoto guda mai 1024. Mega 1 ne a sabbin wayoyi, 4 a tsohuwar. Na yarda da wannan.

Maganar ram ta tsaya nan tukuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Batir ya fi wuyar awo. Idan waya tana haɗe da kwamfuta caji take yi, don haka sai an cire waya. Kuma lambar kashi-cikin-ɗari da ƙananan wayoyi suke nunawa ba abin rantsuwa ba ce, balle batirin da ya shekara biyu yana shan zafi. Ga tsarin da na tsayar: wayar Kawu, a fara daga kashi 80, a kashe layi da data, hasken allo a tsakiya kuma ba mai canza kansa ba, a cikin ɗaki, awa ɗaya. Na rubuta ɗan abin da yake buga wa a madadin mutum, ya jira daƙiƙa 10 kafin kowane bugu, kamar mai tunani. Kowane gwaji sau uku, in ɗauki na tsakiya. Wannan yana cin yini guda da caji biyu, shi ya sa na koma yin aikin a ɗakin bayan shagon mai caji, inda akwai sola.

Kafin gem, na auna wayar tana nuna hoto ɗaya tsaye na awa guda. Ta ci kashi 6. Wannan kuɗin fitilar allo ne, ba nawa ba. Da gem ɗin, kashi 17. Ke nan 11 ne a wuyana. A batir mai 3000 mAh, kashi 17 ya haura 500 mAh a awa, kuma `adb shell dumpsys battery` ya nuna `temperature: 441` da na gama, wato digiri 44.1, domin lambar kashi goma-goma take.

Wani abokin karatuna ya ce in mayar da launukan gem ɗin baƙi, wai yana rage cin batir. Gaskiya ne a allon AMOLED, inda kowane fiksel yake ba da haskensa. Wayoyin nan uku LCD ne, fitila ɗaya ce a baya tana ci ko hoton baƙi ne ko fari. Ban taɓa launi ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Ka zauna ka kalli masu dara a gindin bishiya. Mutum zai yi shiru yana kallon gurabe, ya ɗaga kara ya ajiye cikin ƙiftawar ido, a sake yin shiru. Kusan duk lokacin wasan ba abin da yake motsi. Ni kuwa na sa `Application.targetFrameRate = 60`, wato wayar tana sake zana filin nan sau 60 a kowace daƙiƙa, hoto iri ɗaya, sau 216,000 a awa. Na kwafo saitin ne daga darasin gem ɗin tsere.

Na mayar da shi 30, wanda shi ne abin da Unity take bayarwa a waya idan ba ka taɓa ba. Motsin ɗa daga gurbi zuwa gurbi bai yi muni ba. Gwaji ya ba da kashi 13.

Sai mataki na biyu, wanda ya fi burge ni. Tun 2019.3 Unity tana da hanyar raba zane da sauran aiki: gem ya ci gaba da sauraron taɓawa sau 30 a daƙiƙa, amma ya riƙa tsallake zane. Idan tazarar ta zama 15, zane biyu ke nan a daƙiƙa.

```csharp
float farkeHar;
public void Farka(float s) {
    farkeHar = Mathf.Max(farkeHar, Time.unscaledTime + s);
}
void Update() {
    if (Input.touchCount > 0) Farka(1f);
    OnDemandRendering.renderFrameInterval =
        Time.unscaledTime < farkeHar ? 1 : 15;
}
```

Da yatsa ya taɓa allo, gem ya farka na daƙiƙa ɗaya, sannan ya koma gyangyaɗi. Matsalar ta fito nan da nan. Ƙanena ya gwada ya ce, "Yaya, ɗan kwamfutar tsalle yake, ba na ganin inda ya fito." Gaskiyarsa. Bugun kwamfuta ba ya zuwa da taɓawa, sai motsin ya faɗo cikin gyangyaɗi, a ga ɗa a nan, a gan shi can. A dara kuwa, idan ba ka ga inda abokin wasa ya ɗaga ba, rigima ce. Na bi duk inda abu yake motsi da kansa na sa ya kira `Farka`: bugun kwamfuta, cire ɗan da aka ci, saƙon nasara. Wurare bakwai. Na kuma cire wata ƙura da nake watsawa a saman fili don ado. Ita ba ta tsayawa, don haka ko dai ta hana gyangyaɗi ko ta riƙa tsalle, ga shi hoto ne mai gani-ta-ciki da ya rufe allo duka, yana sa a zana kowane fiksel sau biyu. Na yi kewarta na yini ɗaya.

Sakamako kashi 11. Na yi tsammanin 8 ko ƙasa. Kuma bayan wayar yana nan da ɗumi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Kwana shida ina neman kashi ukun nan. Na zargi sautin `Streaming`, tunda warware shi a kan hanya aiki ne, na kashe kiɗa na gwada, bambancin bai kai a gani ba. Jiya da dare na bar gem ɗin a tsaye ana jiran buguna, na duba abin da furosesa take yi:

```
adb shell pidof com.misali.dara
adb shell top -H -p 8421
```

Lambar da ke umarni na biyu ita ce wadda umarnin farko ya bayar, `-H` kuma yana rarraba aikin gem ɗin zare-zare. Zare ɗaya yana tsaye kusan kashi 100, ya riƙe kai guda na furosesa, alhali ba abin da ke faruwa a allo. Na gane shi. Bara na ga kwamfutar tana jinkirin bugu, sai na sa ta riƙa tunani tun lokacin da mutum yake nasa tunanin, tana bin duk bugun da zai iya yi tana shirya amsa. Ban sa mata iyaka ba. Idan Kawu ya ajiye waya ya tafi alwala, tana nan tana lissafi har ya dawo. Kuma ga zafin bazara: idan waya ta yi zafi tana rage gudun furosesa don kare kanta, sai tunanin ya ƙara jinkiri, wanda shi ne abin da na so gyarawa tun asali.

Na cire tunanin gaba ɗin. Yanzu sai mutum ya buga take farawa, ta duba bugu ɗaya gaba, sannan biyu, sannan uku, har daƙiƙa ɗaya da rabi ta cika, ta ɗauki mafi kyawun abin da ta kammala. A wayar Kawu ba ta zurfafa kamar da, ƙarfinta ya ɗan ragu. Na ba Kawu ya buga sau biyar, ya ci uku. Da sau ɗaya yake ci a biyar. Ya ce, "Yanzu ta yi hankali." Ban gaya masa dalili ba.

Gwaji uku na yau: 8, 8, 9. Zafi ya tsaya digiri 39. Ram 186.

Laraba, 14 ga Mayu

Saura abu ɗaya da gwajina ba zai taɓa nunawa ba, mai caji ne ya gano shi. Ya ce yara suna kawo waya a mace, idan ta kunnu sai ya ga gem ɗin ne na ƙarshe da aka buɗe. Barci yake ɗaukarsu suna wasa. Na duba, na sa `Screen.sleepTimeout = SleepTimeout.NeverSleep` don kada allo ya mutu mutum yana tunani, sai ya zama ba ya mutuwa har asuba. Ko a kashi 8 a awa, dare ɗaya ya isa ya cinye fiye da rabin batir. Yanzu idan an yi minti 3 ba taɓawa, ina mayar da shi `SleepTimeout.SystemSetting`, wayar ta kashe allonta yadda mai ita ya saita, da an taɓa kuma ya koma yadda yake. Minti ukun ƙiyasi ne. Baffa yana iya wuce haka yana kallon gurbi ɗaya, amma tunda wasan yana ajiye, ba abin da zai rasa.

Na ɗora sabon fayil ɗin a wayar mai caji, zai tura wa duk wanda ya kawo caji ya nema. Na roƙe shi ya riƙa tambayar masu dawowa abu biyu kawai: ko gem ya taɓa komawa farko, da kuma ko wayar tana zafi. Ni kuma ban auna batir a wayar ƙanena da tsohuwar ba tukuna, gwaji shida ke nan, sai ranar Asabar idan solar ta samu rana.